Allah Ya Taya Riƙo

Yi wa aboki jaje ya fi taya shi murna sauƙi, ko da yake ba kasafai ake faɗin haka a fili ba. Wanda gobara ta cinye wa shago, ko aka sallama daga aiki, ba ya rasa masu sallama a ƙofar gidansa, kuma duk abin da suka faɗa zai zauna daidai, domin mai jaje ba ya asarar komai a cikin jajensa. Ciwon na wani ne, shi tausayi kawai ya kawo. Amma ranar da aka ce an ƙara wa abokinka girma a wurin aiki, kai kuwa kana nan inda kake, sai ka ji harshe ya yi nauyi. In ka taƙaita a ce ƙyashi ne. In ka zuba yabo a ce daɗin baki ne, ko kuma ka fara share fagen roƙo. Mutane da yawa sun ɗauka maganin wannan shi ne a nemo kalmomi masu zaƙi, ko a dage a nuna farin cikin da ya fi wanda ake ji. A ganina matsalar ba ta nan. Murnar da ta fito da warin hassada da wadda ta fito da warin fadanci aibinsu guda ne: mai maganar ya shigo da kansa cikin zancen da ba nasa ba. Na farko ya shigo da rashinsa, na biyu ya shigo da buƙatarsa. Wanda ya iya fitar da kansa daga jimlar ya gama rabin aikin, ko da zuciyarsa ba ta gama hucewa ba.

Kafin a je ga kalmomi, ya kamata a duba inda abin ya fi zafi, don kada a ɗauka ƙyashin nan rashin tarbiyya ne kawai. A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya matakan albashi suna tashi daga na 1 zuwa na 17. Mai digiri yana shiga a mataki na 8. Daga na 7 zuwa na 14 sai mutum ya yi aƙalla shekara uku a kan mataki kafin a duba ƙarin girmansa, daga na 15 zuwa sama kuwa shekara huɗu. Akan tsallake na 11, a tashi daga 10 zuwa 12. Na 15 shi ne ƙaramin mataimakin darakta, na 16 mataimakin darakta, na 17 darakta. To, a ɗauki abokai biyu da aka ɗauka aiki a shekara ɗaya, suka yi ta hawa kafaɗa da kafaɗa har suka kai na 14. A lissafin takarda sun kusa shekara 18 suna tare kafin su tsaya a ƙofar na 15. Sun zauna jarrabawar ƙarin girma rana ɗaya, wataƙila ma a mota ɗaya suka je, dukansu kuma sun ci. Sai dai cin jarrabawa bai isa ba, sai akwai gurbi, guraben kuwa suna raguwa ne yayin da ake hawa. Aka fitar da sunaye, na ɗaya ya fito, na ɗayan bai fito ba. Wanda ya tsaya zai sake zama wata jarrabawar, kuma shekarar da ta wuce shi ba ta dawowa, ga shi ritaya tana jiran kowa a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shekara ɗaya ko biyu da aka rasa a nan tana iya zama bambanci tsakanin wanda zai yi ritaya yana darakta da wanda ba zai taɓa kaiwa ba. Ƙari a kan haka, mai yiwuwa ne gobe takardar da ya rubuta ta bi ta teburin abokin nasa kafin ta wuce sama. Wannan mutumin ne ake so ya buɗe baki ya ce barka, kuma a ji barkar ta fito fes.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin wannan a littafinsa Ihya'u Ulumiddin inda yake magana kan hassada. Ya lura cewa ta fi yawa tsakanin tsara da 'yan'uwa da masu sana'a ɗaya: malami malami yake yi wa, ɗan kasuwa ɗan kasuwa, domin su ne suke cunkushe a kan buƙata guda. Ma'aikacin da ke mataki na 14 ba ya jin komai in an naɗa wani baƙo minista. Ba ya jin komai in maƙwabcinsa ɗan tireda ya buɗe shago na uku. Abin da ke sukarsa shi ne na kusa, wanda suka fara tare, a kan abin da shi ma yake nema. Wato kusancin da ya wajabta masa taya murna shi ne kuma ya sa murnar ta yi masa wuya. Saboda haka duk shawarar da za ta ce "ka ji daɗi kawai" ba ta san inda ciwon yake ba.

Yanzu a saurari abin da bakinmu ya saba furtawa a irin wannan rana. "Allah ya kai mu ga danshinku." Addu'a ce, ba laifi, amma wa aka yi wa ita? Mai maganar ya yi wa kansa. Mai ƙarin girma ya zama ma'auni kawai, an ajiye shi gefe ana auna tazara. In baƙo ko ƙaramin ma'aikaci ya faɗa, ta wuce a matsayin ladabi. In wanda suka zauna jarrabawa tare ya faɗa, abin da kunne zai ji shi ne "ka tafi ka bar ni". Sai kuma "to, sai a tuna da mu", wadda ta fi kowace yawo. Tana ɗauke da zargi tun kafin a yi laifi, domin ba a tunatar da wanda ba a zaton zai manta, kuma tana miƙa takardar bashi ga mutumin da ko sabon albashin bai gani ba. Wanda ya san aikin gwamnati ya san takardar ƙarin girma takan riga kuɗinta isowa da watanni, wani lokaci a daɗe ana bin ariyas. Akwai "ku ne manya", da "yanzu kuma ai sai da izini za a gan ku". A lura da yadda "kai" ta koma "ku" dare ɗaya. Jam'in girmamawa abu ne mai kyau a bakin yaro ko na ƙasa, amma a bakin aboki da ya shekara ashirin yana cewa "kai", komawa "ku" sanarwa ce cewa an gina katanga, kuma ana ɗora wa wanda aka ƙara wa girma laifin gina ta.

Mafi wuyar kamawa ita ce wadda ta sa rigar tauhidi. "Ikon Allah! Allah mai ba wanda ya so." Ko kuma "ai rabo ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Babu mai musun ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa suka dace da gatse, don ba a iya kama mai su da laifi. In mai ƙarin girma ne da kansa ya ce "rabo ne kawai", tawali'u ya yi, ya sauƙaƙa wa abokinsa. In abokin ne ya riga shi faɗa, ya share shekara 18 na zuwa ofis da sassafe da jimla ɗaya, ya mai da abin kamar tsintuwa. Gaskiyar magana ba ta wanke ta daga zama habaici. Wanda ya faɗe ta, da lokacin da ya zaɓa, su ne ke nuna abin da aka nufa. Mace kuwa in ita ce aka ƙara wa girma, habaicin yakan ɗauki wata siffa da ta fi muni, a ce "ai ke kin san hanya", a bar sauran a rataye don mai ji ya ƙarasa da kansa.

Ɗaya ɓangaren shi ne na wanda ya ji tsoron a gane ƙyashinsa, sai ya buɗe famfon yabo. "Wallahi tun tuni ya kamata a ba ka darakta gaba ɗaya, duk ma'aikatar nan babu kamarka, sauran duk 'yan rakiya ne." Wannan ma ba ta shiga, kuma dalilin a fili yake. Abokinka ya san kansa, ya san akwai waɗanda suka fi shi, ya kuma san ka sani. Yabon da ya wuce abin da ku biyu kuka sani ba ya gaya masa komai game da shi, sai dai ya gaya masa cewa kana ƙoƙarin rufe wani abu ko buɗe wata ƙofa. Bahaushe ya san kirari, ya san masu shi, ya san kuma ana biyansu. Maroƙi in ya wasa mutum ba ya yaudarar kowa, sana'arsa ce, kowa ya san za a yi masa kyauta. Aboki in ya ari bakin maroƙi, dole a tambaya me yake jira a ba shi. Shafukan taya murna da 'yan kwangila ke saya a jaridu duk lokacin da aka naɗa wani babba, da ƙaton hoton mai muƙami da sunan kamfanin mai taya murna a ƙasa, su ne wannan ɗabi'a a girmanta, kuma ba wanda ke karanta su ya ce ga masoyi.

A tsakanin waɗannan biyun harshenmu ya ajiye wata jimla da nake ganin ta fi duk abin da mutum zai ƙirƙira da kansa: "Allah ya taya riƙo." Ita ake yi wa wanda aka naɗa sarauta, ita ake yi wa wanda aka ba muƙami. Babu "ni" ko "mu" a cikinta, duk ta tafi ga mai abin. Ba ta ce ya fi kowa ba, ba ta kuma ce tsintuwa ya yi ba. Ta ɗauki muƙamin a matsayin abin da ake riƙewa, mai nauyi, mai iya suɓucewa, wanda mutum ɗaya ba ya iya masa sai da taimako. Wannan fahimta tana da tushe. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da Abu Zarri ya nemi a ba shi shugabanci, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa amana ce, kuma abin nadama ce ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. An kuma gaya wa Abdurrahman bin Samura cewa wanda aka ba shugabanci ba tare da ya roƙa ba ana taimakonsa a kai. To mai cewa Allah ya taya riƙo yana roƙa wa abokinsa wannan taimakon ne. Abin da ya fi muhimmanci ga wanda ya tsaya a mataki na 14 shi ne, zai iya faɗinta da gaskiya ko da ransa a ɓace yake. Ba a ce ya rantse cewa yau ce ranar da ya fi farin ciki a duniya ba. An ce ya roƙi kada abokinsa ya kunyata a kujerar, kuma da wuya a sami aboki na gaske da ba ya son haka, komai ciwon da yake ji. Haka "Allah ya sanya alheri" da "Allah ya sa a gama lafiya" suke, ta ƙarshen ma ta fi dacewa da aikin gwamnati, inda sa hannu ɗaya a takardar da ba a karanta ba kan jawo wa mutum tuhuma bayan ya yi ritaya.

Za a ce ai wannan jimla ce ta kowa, masinja zai faɗa, mai gadi zai faɗa, mutum hamsin za su rubuta ta a zauren WhatsApp na ofis kafin azahar, to me ya bambanta aboki da su? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma amsarsa ba a jefar da addu'ar ba ce, a ƙara mata abin da aboki kaɗai ke da shi, wato shaida. Mutum hamsin sun san an ƙara masa girma. Kai kaɗai ka san shekarun da ya yi a ofishin jiha mai nisa yana zuwa ganin iyalinsa sau ɗaya a wata, ko daren da ya kwana yana gyara kasafin sashe aka sa sunan wani a kai, ko yadda ya riƙa bitar dokokin aiki bayan sallar isha'i yana shirin jarrabawa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. A ce wanda ya tsaya ya shiga ofishin abokinsa ya miƙa masa hannu ya ce: "Barka, mutumina. Allah ya sanya alheri, Allah ya taya riƙo. Ni dai na ga wahalar da ka sha shekarun nan da aka tura ka can, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yaya su Hajiya suka ji?" Jimla huɗu ne ko biyar. Akwai "ni" a ciki, amma ta mai ba da shaida ce, ba ta mai kai ƙara ba. Babu ƙarya ko ɗaya da zai ji kunyarta gobe. Tambayar ƙarshe kuma ta mayar da zancen hannun mai shi, ta ba shi damar ya ba da labari, ya ce tsohuwa ta yi kuka, yara sun ce sai an yanka kaza. Mai hassada ba ya iya yin irin wannan tambaya, domin ba ya son labarin ya yi tsawo. Mai fadanci kuwa ba shi da shaidar da zai kawo, don bai kasance a wurin ba lokacin da ake shan wahalar.

Sai dai kalmomi ba su kaɗai ke magana ba, lokaci da ƙafa suna riga su. A labarin Ka'abu bin Malik, wanda Bukhari da Muslim suka kawo, bayan an ƙaurace masa kwana hamsin saboda rashin fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, da aka karɓi tubarsa mutane suka riƙa tarbarsa ƙungiya ƙungiya suna yi masa murna. Da ya shiga masallaci sai Ɗalha bin Ubaidullah ya miƙe da sauri ya nufo shi, ya yi musafaha da shi, ya taya shi murna. Ka'abu ya ce cikin Muhajirai ba wanda ya miƙe sai shi, kuma bai taɓa manta wa Ɗalha wannan ba. Abin lura shi ne, abin da ya zauna a zuciyar Ka'abu har ya riƙa ba da labarinsa miƙewar ce da saurin, ba wata fasahar zance ba. Ba ƙarin girma ba ne a can, amma darasin ya shafi kowace murna. Wanda ya ji labari da safe ya yi shiru sai bayan kwana uku, ya zo yana cewa "ashe abin da ya faru ke nan, ban ji ba", alhali ofishinsu ɗaya, ya riga ya yi magana da shirunsa, duk abin da zai faɗa daga baya gyara ne. Haka wanda ya wadatu da tura ɗan hoton tafi a zaure cikin jerin mutum hamsin. Zumunci a ƙafa yake, kuma tsakanin ofis da ofis taku nawa ne? In nisa ya hana, murya ta fi rubutu, domin a murya ake jin ko mutum na murmushi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu tsoron munafunci. Suna cewa, in zuciya tana ƙuna baki kuma yana barka, ai fuska biyu ke nan, gara mutum ya yi shiru har ya huce. Ban yarda ba, domin an haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba tun da daɗewa. Hassada ita ce son ni'imar ta gushe daga hannun mai ita. Jin cewa kai ma da ka samu, ba tare da son a ƙwace nasa ba, wannan gibɗa ce, kuma ba a hana ta ba. Abin da wanda ya tsaya a mataki na 14 yake ji, galibi, baƙin cikin rashinsa ne, ba baƙin cikin samun abokinsa ba, sai dai da yake labaran biyu a takarda ɗaya suka zo, shi kansa yakan kasa rarrabe su. Gwajin mai sauƙi ne: da za a ce masa an soke ƙarin girman abokin, shi ma kuma ba za a ba shi ba, zai ji sanyi? In amsar a'a ce, ba shi da abin ɓoyewa. In kuma ya tarar da ɗan sanyin a can ƙasa, to nan ne ma addu'ar ta fi wajaba. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, da Amir bin Rabi'a ya yaba jikin Sahal bin Hunaif har kambun baka ya kama shi, abin da Annabi (SAW) ya tuhume shi da shi shi ne rashin sa albarka. Daga irin wannan ne muka gaji "tubarkalla, masha Allah" da muke yi in mun ga abin sha'awa a hannun wani. An koyar da ita ne don an san ido da zuciya sukan yi abin da mai su bai so ba. Munafuki yana faɗin alheri a gabanka ya je ya yi aiki da kishiyarsa a bayanka. Wanda ya faɗi alheri don ya danne sharrin da ya ji yana motsi a ransa, ya kuma tsaya a kan abin da ya faɗa, yaƙi yake da zuciyarsa, kuma a gefen abokinsa yake yaƙin.

Shin ya halatta ya faɗi nasa ciwon? Ya halatta, amma ba ranar ba, ba kuma cikin jimlar murna ba. Abokin ba jahili ba ne, ya duba jerin sunayen, ya san wanda babu, mai yiwuwa ma yana jin nauyin haɗa ido da shi. In shi ya tayar da zancen, ya ce "wallahi na so a ce tare muka fito", amsa gajera ta wadatar: "Na ji ba daɗi, ba zan ɓoye maka ba, amma yau taka ce. Tawa ma tana tafe in sha Allahu." Wannan ta fi "haba, ni ko a jikina" nesa ba kusa ba, domin ta biyun ƙarya ce da fuska za ta tona, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska.

Akwai kuma mai cewa, to in abokin bai cancanta ba fa? In kowa ya san wani babba ne ya ɗaga waya? Wannan yana faruwa, ba sai an yi musu ba. Amma a nan ne ma amfanin addu'a ya fi fitowa a kan yabo. "Ka cancanta" hukunci ne, in ba ka yarda da shi ba kada ka furta. "Allah ya taya riƙo" ba hukunci ba ce, kuma wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa ya fi kowa buƙatarta, haka ma mutanen da za su yi aiki a ƙarƙashinsa. In an tauye wa mutum haƙƙi, akwai hanyar rubuta koke ga hukuma, can ya kamata ya kai. Cusa ƙarar a cikin barka ba ya dawo da gurbi, abota kawai yake ci.

Raha fa? Wasu za su ce tsakaninsu da abokansu ba a yin wannan tsare-tsaren, zolaya ce gaisuwarsu, in ɗaya ya zo da "Allah ya sanya alheri" a natse ma sai a zaci fushi yake. Gaskiya ne, kuma al'adar da ta san wasan taubasai da na Barebari da Fulani ba za ta hana aboki tsokanar aboki ba. Sharaɗin dai shi ne zolayar ta kasance irin wadda aka saba tun kafin takardar ta fito, kuma ta sauka a kan abin da ba ya ciwo. "Yau dai sai ka saya mana tsire, marowaci" wasa ne, ya ma ƙara nuna cewa ba abin da ya canza. "Ko wa aka gani aka ba?" ba wasa ba ne ko da an yi shi da dariya, domin ya taɓa ainihin abin da ake murna a kai, kuma in aka ji ciwo mai shi zai fake da "wasa nake". Wanda bai samu ba ya kamata ya fi kowa taka-tsantsan a nan, saboda zolayar da ta wuce lafiya a bakinsa bara, bana za a auna ta da wani ma'auni.

Wani haɗari yana tattare da ita kanta jimlar da nake yabo, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Tun da ta ɗauki muƙami a matsayin nauyi, mai ƙyashi yana iya jan zaren har ya mai da murna makoki: "Allah ya taya riƙo, don kujerar nan ba ta da daɗi, wanda ya bar ta da hawan jini ya tafi, ga 'yan'uwa za su yi maka caa." Masaniyar halayyar ɗan Adam Shelly Gable da abokan aikinta, a binciken da suka wallafa a 2004, sun rarraba yadda mutane ke karɓar albishir ɗin na kusa da su gida huɗu: mai shiga cikin murnar da tambaya da sha'awa, mai cewa madalla a taƙaice ya yi shiru, mai zaƙulo illolin abin, da mai kawar da zancen zuwa wani abu. Na farkon ne kaɗai suka samu yana tafiya tare da ƙarfin dangantaka. Har mai madalla a taƙaice, wanda bai faɗi mugun abu ba, bai tsira ba. Mai lissafa illoli yakan ɗauka nasiha yake yi, amma nasihar da ba ta iya jira mako guda ba, akwai abin da ke tura ta. Bambancin a ma'auni yake. Addu'ar ta ambaci nauyin da kalma ɗaya ta miƙa shi ga Allah ta wuce. Mai zaƙulo illa yana sauke nauyin ne a kan cinyar abokinsa ranar da ya kamata ya ci tuwo da daɗi.

Daga ƙarshe, ba ranar ake tantance barka ba, a makonnin da ke biye ne. In wanda ya tsaya ya ci gaba da kiran abokinsa da sunan da ya saba in sun keɓe, ya ba shi girman kujerarsa a gaban ƙananan ma'aikata ba tare da "yallaɓai" mai ɗauke da murmushin gefen baki ba, ya ci gaba da leƙa shi lokacin cin abinci kamar da, to barkarsa ta tabbata ko da ranar farko muryarsa ta ɗan yi rawa. In kuwa ya zuba addu'o'i masu daɗi a ofis, da yamma kuma aka ji shi a majalisa yana cewa "ai mun san yadda aka yi", to maganar majalisar ce tasa, kuma za ta isa kunnen abokin, don a ma'aikata ba a rasa mai kaiwa. Saboda haka, mai karatu, in sunan abokinka ya fito naka bai fito ba, ka je wurinsa a ranar da ƙafarka, ka yi masa addu'a, ka faɗi wahala ɗaya da ka ga ya sha, ka tambaye shi yadda gida suka ji, sannan in an tayar da zancensa a bayan idonsa ka maimaita abin da ka faɗa a gabansa.